Wai Mene Ne Kilifhanga? Kuma Me Ya Sa Muke Rikita Ƙarshen Sizin?

Jiya da daddare a majalisarmu sai da musu ya kusa raba zumunci, wani abokina ya rantse ya maya wai sizin na ɗaya na Game of Thrones ya ƙare ne da sare kan Ned Stark, ni kuma na ce masa malam ba haka ba ne, a kashi na 9 aka sare shi, na 10 ne ƙarshe, kuma a can abin da aka rufe da shi Daenerys ce ta fito daga cikin toka da 'ya'yan dodanninta uku. Sai wani ƙaninmu da ke zuba shayi ya ce to yaya wanne ne kilifhangan a ciki? Nan fa kowa ya yi tsit, don kalmar kullum tana bakinmu amma kowa da abin da yake nufi da ita. Wanda bai kalli waɗannan finafinan ba kuma yana da niyya, to ya tsaya nan, don zan fasa ƙwai.

Kalmar daga Turanci aka aro ta, hoton da ke cikinta shi ne mutum ya zame daga bakin wani dutse mai tsawo ya kama gefe da yatsunsa yana reto, bai faɗi ba bai hau ba, sai a ce maka mu haɗu mako mai zuwa. Wato dai a yanke labari daidai inda tambaya ta fi zafi, a hana ka amsa da gangan don ka dawo. Mu Hausawa sunan ne kawai baƙo a wurinmu, wanda ya yi zamanin hayar littattafan soyayya ya san takaicin kaiwa shafin ƙarshe an ɗaura auren yarinya da wanda ba ta so, saurayin na kan hanya, sai ka ga mu haɗu a littafi na biyu. Kai ko Dare Dubu da Ɗaya ai a kan wannan dabarar aka gina shi, Shaharzad ba ta bari labari ya ƙare kafin asuba, shi ya sa sarki yake ɗaga kisanta kullum.

To inda mutane suke kuskure shi ne ɗaukar duk wani abin girgiza a matsayin kilifhanga. A'a. Sare kan Ned girgiza ce, an gama magana, ya mutu, babu abin da kake jira a faɗa maka. Kilifhanga kuwa sai ka iya mayar da shi tambaya guda ɗaya gajeriya wadda za ka yi wa mai kanti ya gane, wa ya harbe shi, ya mutu ko bai mutu ba, za su tsira ko za a kama su. In ka kasa fitar da irin wannan tambayar daga sin ɗin ƙarshe to ba shi ba ne, ƙila dai an buɗe maka sabuwar ƙofa ce kamar ƙyanƙyasar dodannin nan, wadda take sa ka ɗoki amma ba ta hana ka barci.

Uban tafiyar a talabijin shi ne Dallas na Amurka. Ranar 21 ga Maris 1980 aka nuna ƙarshen sizin na 3, J.R. Ewing, attajirin mai wanda ya cuci kusan kowa a cikin labarin, yana ofishinsa da dare ya ji motsi, ya fito, aka ɗirka masa harsashi biyu ya faɗi, ba a nuna fuskar mai bindigar ba. Shikenan aka tafi hutu. Abin da ya sa ya kama mutane ba harbin ba ne kawai, sizin ɗin gaba ɗaya an yi ta tara masa maƙiya, matarsa Sue Ellen na da dalili, abokin gabarsa Cliff Barnes na da dalili, waɗanda ya damfara a kasuwanci ma haka, don haka duk mai kallo yana da wanda yake zargi kuma yana da hujjar da zai kafa a musu. Masu shirin har ɗaukar 'yan wasa daban-daban suka yi kowa na harba bindigar don kar sirrin ya fita daga wurin ɗaukan fim. Ga yajin aikin 'yan wasa da aka yi a shekarar ya ƙara ja da lokaci, sai ranar 21 ga Nuwamba, wata takwas cif, aka bayyana cewa Kristin ce, ƙanwar matarsa wadda yake nema a ɓoye. Sama da mutum miliyan 80 suka kalli wannan kashin a Amurka kaɗai. Kuma ka lura ba a kashin farko na sabon sizin aka ba da amsa ba, sai a na 4, an ƙara tatsar mutane na makonni. Daga nan ne gidajen talabijin suka gane cewa hutun da suke tsoron zai sa a manta da su zai iya zama talla kyauta.

Yanzu mu dawo Game of Thrones, don shi ne ya fi rikita mutane kuma akwai dalili. Al'adar masu shirin ita ce su ajiye babbar masifa a kashi na 9, na 10 kuma su yi shara su jera kowa a sabon wuri. Ned a na 9 na sizin 1, jan bikin nan da aka yanka Robb Stark da mahaifiyarsa a na 9 na sizin 3. Ƙwaƙwalwa kuma abin da ya fi ƙona ta take riƙewa sai ta manna shi a ƙarshe, shi ya sa abokina yake ta rantsuwa kuma har ga Allah ba ƙarya yake niyya ba. Sizin 4 ya ƙare da Tyrion ya kashe ubansa Tywin a banɗaki ya tsere, Arya ta hau jirgin ruwa zuwa Braavos, sizin 7 kuma da rushewar katangar ƙanƙara. Duk waɗannan buɗe ƙofa ne. Kilifhanga na gaske guda ɗaya da kowa ya yarda da shi shi ne na sizin 5, Yuni 2015.

Duba yadda aka ɗinka shi. An yaudari Jon Snow, shugaban masu gadin katangar, da cewa an samu labarin ƙanin babansa Benjen, ya fito tsakar gida, mutanensa suka zagaye shi suna caka masa wuƙa ɗaya bayan ɗaya, yaron nan Olly ne ya yi ta ƙarshe, kyamara ta tsaya a kan fuskarsa jini na malala cikin ƙanƙara, sai duhu. A zahiri an nuna maka mutuwa ƙiri-ƙiri, ba a ɓoye komai ba. Amma a cikin wannan kashin dai an dawo da Melisandre, matsafiyar nan mai jan kaya, gidan da aka kashe shi, kuma tun a sizin 3 an nuna mana wani mai irin addininta, Thoros, yana tayar da Beric daga mutuwa, ita ma ta je ta gan su da idonta. Wato an ba ka gawa, an kuma ajiye makullin a gefenta ba tare da an nuna maka da yatsa ba. Shi ya sa aka shafe wata goma ana musu mai daɗi, ɗan wasan yana cewa ya mutu, mutane na bin hotunansa suna duba ko ya aske gashinsa. Sizin 6 ya fara a Afrilu 2016, kashin farko yana kwance, sai a ƙarshen na 2 ya buɗe ido yana haki. Wanda ya ce zai tashi ya ji daɗi don hujjarsa tana cikin fim ɗin tun farko, ba daga sama aka jefo ta ba.

Kwatanta da abin da The Walking Dead suka yi a wannan shekarar. Ƙarshen sizin 6, Afrilu 2016, Negan ya durƙusar da jaruman a layi yana zagaye su da sandarsa mai waya mai ƙaya, ya zaɓi ɗaya, sai aka mayar da kyamara ta zama idon wanda ake duka, kana ganin sanda na saukowa jini na rufe allo amma ba ka san waye ba. Mutane suka fusata, ni ma ina cikinsu, kuma ba don an kashe wani ba. Matsalar ita ce duk waɗanda ke wurin sun ga wanda aka kashe, kai kaɗai aka rufe wa ido, ka ga wannan ba labari ne ya kawo tambayar ba, darakta ne ya sa hannu ya kare allo. A Dallas shi kansa J.R. da danginsa ba su san mai harbin ba, ana nema tare da kai. Ƙari kuma a cikin wannan sizin ɗin an riga an yi wasa da hankalin mutane sau ɗaya, aka nuna kamar an cinye Glenn ashe ya shige ƙarƙashin bola. Da aka dawo a Oktoba aka nuna Abraham ne, sannan aka ƙara da Glenn, kimanin mutum miliyan 17 sun kalla, wato dabarar ta kawo jama'a ranar, amma daga nan masu kallo suka fara zarewa kuma shirin bai sake ganin wannan adadin ba.

In musu ya tashi a kan wane sizin ya ƙare da me, ni abin da nake yi shi ne ba na ƙoƙarin tuno ƙarshen, farkon na gaba nake tunowa, don duk bashin da aka ci a ƙarshe a can ake fara biya. In ka tuna sizin ya buɗe da gawar Jon a tsakar gida kerkecinsa na kuka, to ka san wanda ya gabace shi ne ya ƙare da wuƙaƙe. Haka Prison Break, sizin 2 ya buɗe suna gudu ana farautarsu, ke nan na 1 ya ƙare ne bayan sun tsallake katangar gidan yarin Fox River jirgin da suka dogara da shi ya tashi ya bar su a fili. Wannan hanyar ce ta raba mana gardama ta biyu a daren jiya, don bayan ya sha kaye a ta Ned sai mutumina ya koma Money Heist wai Nairobi ta mutu a ƙarshen sizin na uku. Na ce to me aka fara da shi a na huɗu? Ya yi shiru, can ya ce tiyata ake mata a cikin banki. Harbinta aka yi a ƙarshen na uku aka bar mu ba mu sani ba, ta farfaɗo, sai can cikin na huɗu Gandía, shugaban masu tsaron bankin, ya kashe ta, shi kuma na huɗun ya rufe da 'yar sanda Alicia Sierra ta ritsa Farfesa, shugaban 'yan fashin, da bindiga a maɓoyarsa. Mutumina shi ya biya kuɗin shayin.