Yawan mutanen da ake bukata wajen auna ingancin gwajin gano cuta

Kafin a amince da gwajin gano cuta, ana auna abu biyu. Na farko shi ne ƙarfin kamawa: cikin masu cutar da gaske, nawa gwajin ya nuna suna da ita. Na biyu shi ne ƙarfin wankewa: cikin marasa cutar, nawa ya nuna ba su da ita. A lissafi ana rubuta su Se da Sp. Kowanne yana da mutanensa, kuma duk wahalar lissafin daga nan take. Masu cutar kaɗai ke ba da labarin Se, marasa ita kaɗai ke ba da labarin Sp, alhali mai bincike bai san wane ne wane ba sai bayan an yi gwajin tabbatarwa, watau amintaccen gwajin da ake kwatanta sabon da shi.

Hanyar da aka fi bi ita ce wadda Nancy Buderer ta bayyana a 1996:

```
n(Se) = Z² × Se × (1 − Se) / d² / P
n(Sp) = Z² × Sp × (1 − Sp) / d² / (1 − P)
```

Harafin n shi ne yawan mutanen da za a gwada. Z shi ne 1.96 idan ana son amincewa ta kashi 95 cikin ɗari. Harafin d shi ne iyakar kuskuren da aka yarda da shi, sama ko ƙasa. P kuwa kason masu cutar ne cikin mutanen da za a gwada, watau waɗanda ke zuwa asibiti da alamun ciwo. Yawan cutar a cikin gari duka wani abu ne dabam.

A ɗauka ana son auna gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro a wani asibiti a Maraɗi, ana kwatanta shi da duba jini a madubin likita. Alƙaluman nan na misali ne. Ana zaton Se zai kai 0.90, Sp kuma 0.85, an zaɓi d ya zama 0.05. An sa Sp ƙasa don sinadarin HRP2 da yawancin gwaje-gwajen nan ke nema yakan yi makonni a jini bayan an warke, sai gwaji ya nuna cuta ga wanda ya riga ya rabu da ita.

Kafin a raba da P, lissafi yana neman masu cutar 139 da marasa ita 196. Idan a ƙarshen damina ne, ana zaton huɗu cikin kowane yara goma masu zafin jiki suna da ƙwayar cutar, P ya zama 0.40. Samun 139 sai an gwada yara 348, samun 196 kuma sai 327. Ana ɗaukar babban, 348. Da rani kuwa, in P ya faɗo 0.10, ɓangaren Sp na neman 218 kacal, amma na Se ya haura 1390. Gwajin bai sake ba, asibitin ma shi ne, watan da aka fara aiki ne ya ninka yawan yaran kusan sau huɗu.

Shi ma d tsada gare shi. In aka rage shi da rabi zuwa 0.025, masu cutar da ake nema sun tashi daga 139 zuwa 554.

Adadin 348 ba ya lamunce samun masu cutar 139. Matsakaici ne kawai, don haka kusan rabin lokaci za a samu ƙasa da haka. Mafi aminci shi ne a ci gaba da ɗaukar yara a jere yadda suke zuwa har masu cutar su cika. Ana kuma ƙara wani kaso saboda gwajin da ya lalace ko jinin da bai dubu ba. In ana tsoron asarar kashi 10 cikin ɗari, a raba 348 da 0.9, a samu 387.

Wani kuskuren da ake yi shi ne yarda da alƙaluman da ke jikin takardar kamfanin da ya yi gwajin. In ainihin Se 0.80 ne, masu cutar 246 ake bukata, kuma da 139 iyakar kuskure za ta kusa 0.07. Gara a yi lissafi da zato mai ƙasa-ƙasa.

Lissafin yana kuma ruɗi idan Se ya kusa 1. Da 0.98 da d na 0.05, zai ce mutum 31 sun isa, amma iyakar sama, watau Se haɗe da d, ta zama 1.03, abin da ba ya yiwuwa. Duk inda iyaka ta wuce 1, a koma hanyar Wilson ta 1927 ko ta Clopper da Pearson ta 1934, a duba iyakar ƙasa, domin ita ce ta dami likita.

Duk wannan ya dogara ne ga cewa gwajin tabbatarwa daidai yake. In mai duba madubi yana tsallake jinin da ƙwayoyinsa kaɗan ne, za a lissafa masu cuta cikin marasa ita, Sp ya fito ƙasa da yadda yake, kuma ƙara yawan yara ba zai gyara wannan ba.