Zaɓi tsakanin nazarin jigo da nazarin ƙunshiya wajen tantance rubutattun hirarraki a binciken ilimi

Nazarin jigo da nazarin ƙunshiya hanyoyi biyu ne da masu binciken harkar ilimi ke bi wajen tantance hirarrakin da suka yi da malamai, ɗalibai ko iyaye, bayan an naɗi muryoyin an mayar da su rubutu. A farkon aiki sun yi kama da juna, domin a kowace ana karanta hirar ana saka wa guntayen magana laƙabi. Inda suka rabu shi ne abin da ake yi da laƙaban daga baya, da kuma ma'aunin da ake gane ingancin aikin da shi.

Asalinsu

Nazarin ƙunshiya ya girmi ɗan'uwansa. Ya taso ne daga binciken jaridu da farfaganda, kuma a 1952 Bernard Berelson ya bayyana shi a matsayin hanyar ƙidayar abin da ya fito fili a cikin saƙo bisa tsari. Daga baya Philipp Mayring a Jamus ya fito da nau'insa mai kula da ma'ana. A 2005 Hsieh da Shannon suka kasa wannan nau'i gida uku: wanda rukunai ke fitowa daga bayanan kansu, wanda ake farawa da rukunan wata mazhaba da aka riga aka sani, da wanda ake ƙirga kalmomi sannan a fassara yadda aka yi amfani da su.

Nazarin jigo kuwa ya samu tsarin da aka fi bi a yau daga maƙalar Virginia Braun da Victoria Clarke ta 2006. Matakansu shida ne: sabawa da bayanan, saka laƙabai, nemo jigogi, sake bitarsu, fayyace kowane jigo da raɗa masa suna, sai rubuta rahoto.

Tambayar bincike ce ke yanke hukunci

A ɗauka mai bincike ya yi hira da malaman firamare 20 a kan harshen da suke koyarwa da shi a ƙananan azuzuwa. Idan tambayarsa ita ce waɗanne matsaloli malamai ke ambata, kuma ko na karkara sun bambanta da na birni, to nazarin ƙunshiya ya dace da shi. Zai tsara jadawalin rukunai, kamar rashin littattafai, matsin lambar iyaye, ƙarancin horo da jarrabawa. Kowane rukuni sai an rubuta masa ma'ana, da misali, da ƙa'idar raba gardama idan magana ta faɗa tsakanin rukunai biyu. Sannan ya tsayar da abin da zai ɗauka a matsayin guntu ɗaya, ko jimla ko cikakkiyar amsa, ya gwada jadawalin a kan hira uku ko huɗu, ya gyara, kafin ya bi sauran. Sakamakonsa teburi ne mai nuna malamai nawa suka ambaci kowane rukuni.

Idan kuwa tambayar ita ce yadda malamai suke fahimtar sauyawar da suke yi tsakanin Hausa da Turanci a cikin aji, ƙidaya ba za ta amsa ta ba. Wata malama ta ce tana bayani da Hausa amma ta koma Turanci da zarar ta hango shugaban makaranta ta taga. Wani malami ya ce yakan rubuta darasi a allo da Turanci "saboda masu duba aiki". Na uku ya yi dariya ya ce yaran sun fi ganewa da Hausa, amma kada a rubuta sunansa. A jadawalin ƙunshiya waɗannan maganganu za su iya warwatsuwa a rukunai uku. Mai nazarin jigo zai ga cewa ma'ana ɗaya ce ta ɗinke su: malaman suna ɗaukar koyarwa da harshen gida a matsayin abin da ke aiki amma ake ɓoyewa. Wannan shi ne jigo. Babu ɗaya daga cikinsu da ya furta kalmar "ɓoyewa", don haka ƙirgar kalmomi ba za ta taɓa gano shi ba.

Ma'aunin inganci

A nan ne ɗaliban digiri na biyu da na uku suka fi yin tuntuɓe. A nazarin ƙunshiya ana son mutum biyu su saka laƙabi a kan bayanai ɗaya, kowa shi kaɗai, sannan a auna dacewarsu. Kason dacewa kawai yana ruɗi, domin wani ɓangarensa sa'a ce. Shi ya sa ake amfani da ma'aunin Cohen mai suna kafa, wato κ, wanda ya fito a 1960:

κ = (po − pe) / (1 − pe)

A misalinmu, a ce guntaye 100 ne, ana duba ko kowane yana magana a kan rashin littattafai. Su biyun sun ce e a 20, sun ce a'a a 65, sun saɓa a 15. Na farko ya ce e sau 30, na biyu sau 25. Dacewar da aka gani, po, ita ce 0.85. Wadda sa'a kaɗai za ta bayar, pe, ita ce (0.30 × 0.25) + (0.70 × 0.75), wato 0.60. Sai κ ya zama 0.25 raba 0.40, wato 0.625. Dacewar kashi 85 cikin 100 da ta yi kyau a ido ta zama matsakaiciya. Maganinsa shi ne a koma ga guntaye 15 ɗin nan. Sau da yawa za a tarar ma'anar rukunin ce ba ta fita ba, misali ba a fayyace ko rashin alli da allo ya shiga ciki ba. Klaus Krippendorff, a nasa ma'aunin mai suna alfa, ya ba da shawarar a dogara da 0.800 zuwa sama, abin da ke tsakanin 0.667 da 0.800 kuma a yi hukuncin wucin gadi kawai da shi.

Braun da Clarke sun fito fili sun ce wannan awo bai dace da hanyarsu ba. A wajensu fahimtar mai bincike kayan aiki ce, kuma ana gane inganci ne ta ko jigo yana da ma'ana ɗaya da ta riƙe shi, ko maganganun da aka kawo sun tabbatar da shi, da ko mai binciken ya bayyana matsayinsa, kamar kasancewarsa tsohon malami ko jami'in ilimi. Wanda ya ce ya bi matakansu shida sannan ya kawo lissafin kafa don kare jigoginsa ya haɗa ma'aunai biyu masu karo da juna. Idan sashen jami'a ya dage sai an nuna dacewar mutum biyu, gara a zaɓi nazarin ƙunshiya tun farko.

Kurakuran da ake yawan gani

Babban kuskure a nazarin jigo shi ne mayar da tambayoyin hira su zama jigogi. Ana gane shi daga sunayen: "matsaloli", "mafita", "ra'ayin malamai". Waɗannan kanun batutuwa ne da aka tara komai a ƙarƙashinsu. Gwajin mai sauƙi ne: idan za a iya rubuta sunan jigon kafin a karanta hira ko ɗaya, to ba a yi nazarin ba tukuna.

A ɓangaren ƙunshiya haɗarin yana cikin ƙidayar. A hirar da ba a yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya ba, cewa malamai 6 cikin 20 sun ambaci matsin iyaye ba ya nufin sauran 14 ba sa fuskantarsa. Ƙila hirar ce ba ta bi ta nan ba. Haka kuma malami ɗaya mai yawan magana yana iya maimaita abu sau goma ya kumbura adadi, don haka a ƙirga mutane maimakon yawan ambato.

Akwai kuma batun fassara. Idan an yi hirar da Hausa, a saka laƙaban a kan rubutun Hausar, a fassara guntayen da za su shiga rahoto kawai. Kalma irin "kunya" takan koma kalmomin Turanci daban-daban a hannun mai fassara, sai ƙidaya ta lalace, jigon ma ya ɓace. Manhajoji irin NVivo, ATLAS.ti da MAXQDA suna karɓar rubutun Hausa, amma dole a daidaita rubutun ɗ, ƙ da ɓ a dukkan hirarrakin kafin a shigar da su, in ba haka ba neman "ƙarfi" zai iya tsallake duk inda aka rubuta "karfi".