Jadawalin haɗa kek ɗin biki mai hawa-hawa

Kek ɗin biki mai hawa da yawa ba a gama shi rana ɗaya. Masu sana'ar kan raba aikin zuwa kwana uku ko huɗu, kuma daga ranar biki suke fara lissafi su yi baya. Jira ne ke cin mafi yawan lokacin, domin kowane mataki sai na gabansa ya huce ko ya daskare.

A ɗauki kek mai hawa uku, na inci 12 da 9 da 6, kowane hawa falle uku, bikin kuma ranar Asabar. Furannin sukari tun makonni kafin nan ake yin su, saboda sukan ɗauki kwanaki kafin su bushe. Laraba ce ranar gashi. Idan obin ɗin gwangwani ɗaya na inci 12 yake ɗauka, kowane falle kuma yana cin kusan minti 50 a zafin digiri 170 na Salshiyas, hawan ƙasa kaɗai ya cinye awa biyu da rabi. Ƙananan ana iya haɗa su bibbiyu. Falle kan yi minti goma a gwangwani kafin a juye shi, idan ya huce sarai a naɗe shi da leda ya kwana. Kek ɗin da ya kwana ya fi yankuwa, sabon gashi kuwa marmashewa yake a bakin wuƙa.

Ranar Alhamis ake daidaita saman kowane falle, a zuba kirim a tsakani, sannan a shafa siririn kirim a jiki don ya kama burbushi. A nan ne gaggawa ta fi yin ɓarna. Kek ɗin da aka cika yana buƙatar awanni, zai fi kyau kwana guda, don nauyinsa ya zauna. In aka lulluɓe shi da fondan, wato kwaɓin sukari da ake murzawa a shimfiɗa a jikin kek, kafin haka, washegari sai a ga wani zobe ya kumburo a gefe, daidai layin kirim ɗin, ko iska ta taso ƙarƙashin fondan kamar bororo. Bororon dai allura na maganinsa, zoben kuwa sai a ɓoye shi da ado.

Juma'a ta lulluɓi da ado ce, da kafa sanduna a hawan ƙasa da na tsakiya don su ɗauki nauyin na sama. Asabar ba a bar mata komai sai kaiwa da ɗora hawa kan hawa.

Abin da aka zuba a ciki na iya sauya jadawalin. Ɗanyen kirim da 'ya'yan itace sabbi ba sa jure kwanaki, don haka cikawar kan koma Juma'a, kek ɗin ya zauna a firji. Fondan kuma idan ya fito daga sanyi gumi yake yi. Ba a taɓa shi a lokacin, don yatsa kan bar tabo. Ana barinsa a ɗaki mai sanyi har ya bushe da kansa.