Ɗanyar riba da tsantsar riba

Ɗanyar riba da tsantsar riba matakai biyu ne na lissafin riba a littafin ɗan kasuwa. Ɗanyar riba ita ce abin da ya rage idan aka cire kuɗin sarin kayan da aka sayar daga jimillar ciniki, tsantsar riba kuwa ita ce abin da ya saura bayan an sake cire kuɗaɗen tafiyar da shago daga ɗanyar ribar.

Tarihi

Tsarin rubuta kowace hulɗar kuɗi a ɓangare biyu ya bayyana a tsakanin fataken Italiya, wataƙila a ƙarshen ƙarni na 13 ko farkon na 14, kuma masanin lissafi ɗan Italiya Luca Pacioli ya buga bayanin tsarin a birnin Venice a shekarar 1494. A kan wannan tsari aka gina rufe littafi na yau, inda ake fitar da ɗanyar riba da tsantsar riba.

Yadda ake lissafi

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne kuɗin kayan da aka sayar, domin ba duk abin da aka saro a wata ne yake fita a watan ba. A ɗauka mai shagon kayan masarufi ya shiga wata da kayan Naira 400,000, ya saro na 1,100,000, ya biya kuɗin mota da dako 20,000, sannan ƙidayar ƙarshen wata, a farashin sari, ta nuna saura kayan 370,000. Kayan da suka fita sun tsaya masa a kan 1,150,000 ke nan. Idan cinikin watan ya kai 1,350,000, har da abin da aka bayar bashi, ɗanyar ribarsa 200,000 ce.

Daga nan sai a cire hidimomin shago. Hayar shekara ta 240,000 ana raba ta gida 12, wata ya ɗauki 20,000 ko da a dunƙule aka biya ta. Albashin yaron shago 30,000, wuta da man janareta 25,000, leda da haraji 5,000, sai bashin 10,000 da aka fid da rai da shi. Jimilla 90,000, tsantsar riba ta zama 110,000.

Kuɗin cefane da mai shago yake zara daga aljihun teburi ba ya cikin hidimomin shago. Ana rubuta shi daban, domin jari yake ragewa. Akwai saɓani kan ko ya dace ya yanka wa kansa albashi a lissafi.

Abin da kowace take nunawa

Idan ciniki bai ragu ba amma ɗanyar riba ta faɗi, matsalar tana jikin kaya: ko sari ya tashi ba a ƙara farashi ba, ko kaya suna lalacewa, ko ana ɗauke su. Idan kuwa ɗanyar riba tana nan daram, tsantsar ce take raguwa, to haya, mai ko bashin da aka fid da rai da shi ne suke cinye ta.