Ba duk ƙwallon da ta taɓa hannu ce laifi ba

Da zarar ƙwallo ta shafi hannun ɗan baya a cikin yadi na 18, sai ka ji 'yan kallo sun kasu biyu. Wasu na ihun "ai ta taɓa hannu, fanareti ce", wasu na cewa "ba da gangan ya yi ba, ƙwallon ce ta same shi". Duka ɓangarorin biyu rabin dokar suka riƙe.

Doka ta 12 ta hukumar IFAB, wadda ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa, ta faɗa ƙarara cewa ba kowace taɓawa ce laifi ba. Hannun ma an yi masa iyaka tun 2020: daga daidai ƙasan hammata yake farawa, don haka kafaɗa ba ta ciki. Wanda ya kai hannu ga ƙwallo da gangan kuwa, nasa ba ya buƙatar dogon bayani. Shi kuma gola a cikin yadinsa hannu aikinsa ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne sharaɗi na biyu, wanda bai damu da niyya ba. Laifi ne idan ɗan wasa ya ajiye hannunsa a inda ya ƙara wa jikinsa faɗi, alhali motsin da yake yi a lokacin bai tilasta masa hakan ba. Abin da alƙalin wasa ke tambayar kansa ke nan: me ya kai hannun nan wurin? Mai gudu dole hannayensa su yi lilo. Wanda ya zame zai faɗi dole ya dafa ƙasa. Amma wanda ya tsaya gaban mai shirin bugu ya buɗe hannaye kamar mai korar kaji, shi ya saya da kuɗinsa, ko da ya kau da kai bai ga tahowar ƙwallon ba.

A duba wasan Jamus da Sifaniya na kusa da na kusa da na ƙarshe a gasar Turai ta 2024, a Stuttgart. Ana 1-1 a ƙarin lokaci Jamal Musiala na Jamus ya ɗirka ƙwallo ta nufi raga, ta bugi hannun hagun ɗan bayan Sifaniya Marc Cucurella. Hannun a ƙasa yake, bai ɗaga ba, sai dai bai manne da jiki ba, akwai tazara a tsakani. Alƙalin wasa Anthony Taylor ya ce a ci gaba, masu VAR ma ba su kira shi ya duba ba, Sifaniya ta ci 2-1. Masu kare hukuncin sun ce haka hannun mutum yake zama idan yana gyara tsayuwa, kuma yana ƙoƙarin janye shi ne. Daga baya kwamitin alƙalai na UEFA ya ce kamata ya yi a ba da fanareti, domin hannun ya ƙara wa jikin faɗi ya tare ƙwallon da ta nufi raga. Hoto ɗaya ƙwararru suka kalla, suka fito da amsa biyu. A ganina alƙalin bai cancanci duk zagin da ya sha ba, tunda dokar ce ta bar masa auna abin da ba shi da ma'auni.

Ga mai kai hari kuma dokar ta fi tsanani. Idan ƙwallo ta taɓa hannunka ta shiga ragar abokan karawa, ko ta taɓa ka ci nan take, an soke, ko da tsautsayi ne zalla. Amma fa hannunka kai mai cin. A watan Maris na 2021 an soke ƙwallon da Josh Maja ya ci wa Fulham a wasansu da Tottenham saboda ta fara bugun hannun abokin wasansa Mario Lemina, wanda ke manne da jikinsa. Washegari IFAB ta sanar da cire sharaɗin da ya shafi hannun abokin wasa. Har yau akwai masu gardama da tsohuwar dokar.

Sai batun kati, inda ake yawan cewa duk wanda ya hana ci da hannu sai ya fita. Idan da gangan ne, haka ne, jan kati ne, kamar wanda Luis Suárez na Uruguay ya samu da ya ture ƙwallon Ghana a kan layin raga a 2010. Amma tun kakar 2024/25, wanda hannunsa ya hana ci ba da gangan ba, aka kuma ba da fanareti, katin gargaɗi kawai za a nuna masa ya ci gaba da wasa.