Ma'anar ƙwarewar da ke bin mutum: daga tsaron kanti zuwa sashen kula da kwastoma

Masu ɗaukar ma'aikata a bankuna da kamfanonin sadarwa da na POS suna yawan maganar ƙwarewar da ke bin mutum daga wani aiki zuwa wani. Abin da suke nufi shi ne iyawar da mutum ya samu a wurin aiki, wadda ba ta ƙarewa ranar da ya bar wurin. Wanda ya haddace farashin kowace atamfa a Kantin Kwari yana da sani, amma sanin na kasuwar ne, idan ya koma banki ba zai yi masa amfani ba. Iya tarbar wanda ya zo a fusace, a saurare shi har ya sauko, a gano ainihin abin da ke damunsa, wannan kuwa duk inda mutum ya je da shi zai tafi.

Matsalar ita ce takardar neman aiki ba ta nuna wannan. Abin da ke rubuce shi ne "mai sayar da kaya a shago, shekara 3", mai tantancewa kuma idonsa na neman wanda ya taɓa riƙe muƙamin jami'in kula da kwastoma. Sai a ture takardar yaron shago gefe. A ganina asara ce babba, domin sunan muƙami yana faɗin inda mutum ya tsaya ne kawai, ba ya faɗin abin da ya yi a wurin.

Sai dai ba duk aikin kanti ne ke bin mutum zuwa wannan sashe ba, kuma a nan ne ake yawan kuskure. Aikin kanti kashi biyu ne: abin da ake yi kafin a karɓi kuɗi, da abin da ake yi bayan an karɓa. Na farko shi ne talla da zaƙin baki da ciniki. Na biyu shi ne lokacin da mai saye ya dawo da kaya yana cewa ba sa aiki, ko an ba shi wanda bai zaɓa ba, ko yana son kuɗinsa alhali dokar shago ta hana. Sashen kula da kwastoma kusan gaba ɗayansa kashi na biyun ne. Don haka wanda ya fi kowa ciniki a shago ba lallai ne ya dace ba. Wanda ake nema shi ne wanda maigida ke turo wa masu ƙorafi.

A ɗauki misalin wata da ta yi shekara 3 a shagon waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, tana neman aiki a layin amsa kira na wani kamfanin POS. Maimakon a tambaye ta ko tana da haƙuri, wanda kowa zai ce yana da shi, sai a ce ta ba da labarin ranar da wani ya dawo da waya yana faɗa. Idan ta ce, "Na ba shi haƙuri ya tafi," ba a samu komai ba. Amma idan ta ce ta fara tambayarsa yaushe wayar ta daina caji, ta gwada ta da wata caja, ta duba rasit ta ga garanti bai ƙare ba, sannan ta gaya masa kuɗi ba za su dawo ba amma za a gyara ko a canza masa, to ta nuna abu uku a labari ɗaya. Tana bincike kafin ta yanke hukunci, tana komawa ga shaida a rubuce, kuma tana iya cewa a'a ba tare da ta ɓata da mutum ba. Aikin da ake neman ta yi ke nan, kayan ne kawai suka canza.

Gani ya kori ji, saboda haka bayan labari sai gwaji. Mai ganawa ya juya mata baya ko ya kira ta a waya daga wani ɗaki, ya zama kwastoman da aka cire wa naira 15,000 a POS amma mai shagon ya ce kuɗin ba su shigo ba. Ya ɗaga murya sosai. Abin saurare shi ne ko za ta bar shi ya gama, ko za ta katse shi. Sannan me za ta tambaya: ranar da abin ya faru, adadin kuɗin, ko ya samu saƙon cire kuɗi, me rasit ya nuna. Ba a sa ran ta san tsarin kamfanin, wannan a horo ake koyarwa. Amma a lura ko za ta maimaita masa abin da ta fahimta, ta ce, "Yallaɓai, idan na gane, an cire kuɗin daga asusunka jiya da yamma amma rasit ya nuna bai yi ba, haka ne?" Idan ta nemi ya faɗi PIN ɗinsa, wannan giɓi ne da dole a toshe tun ranar farko, domin ma'aikaci ba ya neman PIN ko OTP daga kwastoma.

Akwai kuma ɗabi'un kanti da ke bin mutum su yi masa illa, kuma a wannan gwajin suke fitowa. Babbar cikinsu ita ce alkawarin kwantar da hankali. A shago an saba cewa, "Hajiya, kar ki damu, gobe ki dawo an gama," domin maigida na kusa, ana iya lallashinsa. A layin kamfani ba ta da ikon mayar da kuɗi, wani sashe ne ko wani banki ke yi, kuma akwai wa'adin da aka gindaya. Idan ta ce gobe, gobe ta zo babu kuɗi, kwastoma zai sake kira da fushi ninki biyu, abokin aikinta ne kuma zai sha. Wuraren amsa kira da yawa suna auna ma'aikaci da yawan matsalolin da ya warware a kira na farko, alkawarin da bai cika ba kuwa kira na biyu yake haifarwa.

Abu na gaba shi ne rubutu, kuma nan ne masu fitowa daga kanti suka fi rauni. A shago komai a ka yake da fuska: ta san Alhajin da ya sayi waya makon jiya da zarar ya shigo. A kamfani kowane ƙorafi sai an buɗe masa tikiti, wato rubutaccen bayanin ƙorafin, a manhaja irin su Zendesk ko Freshdesk, kuma wanda zai ɗauki maganar gobe bai ji kiran ba. Don haka da an gama gwajin, a ba ta minti 5 ta rubuta abin da ya faru a kwamfuta. Abin da ake so a gani shi ne adadin kuɗi, rana, abin da kwastoma ya ce, abin da aka gaya masa, da matakin da ya rage. Idan ta rubuta "kwastoma yana da matsalar POS" kawai, ba ta shirya ba tukuna. Saurin buga rubutu yana zuwa da yawan yi, kada a kore ta a kansa. Wadda ta saba riƙe littafin bashi ko rubuta lambar IMEI ta kowace waya a rasit tana da tushen da za a ɗora a kai.

Ita ma mai neman aikin akwai nata. A ƙarƙashin sunan muƙaminta ta rubuta ayyukan bayan ciniki: karɓar kayan da aka dawo da su, bin garanti wurin dila, amsa saƙonnin masu saye ta WhatsApp, daidaita kuɗin POS da littafi kafin a rufe shago. Ta kuma rubuta harsunan da take yi wa mutane bayani da su, domin kamfanin da ke da kwastomomi a Arewa yana buƙatar wadda za ta bayyana wa dattijo matsalar katinsa da Hausa mai kyau, sannan ta rubuta tikitin da Turanci.