Ma'anar sodiyam da ke bayan kwalin magi: dunƙule nawa ke daidai da cokalin gishiri?

Ranar da aka ce wa gwaggona a likita tansiyonta ya hau, ta rage gishiri, da ta dawo gida sai ta ɗauke gwangwanin gishirin ta ɗora can saman kanta. Da maraice na tarar da ita tana murmusa dunƙule na huɗu cikin miyar kuka. Na ce, "Gwaggo, ba an ce ki rage gishiri ba?" Ta ce, "To ɗan nan, ka ga na taɓa gishiri? Ai magi ne." Abin da ba ta sani ba, rabin abin da take murmusawa, ko fiye da rabi ma, gishiri ne zalla.

Kalmar da ke warware wannan lissafi ita ce sodiyam. A bayan kwali za a gan ta an rubuta `Sodium`, a kayan da ke da rubutun Faransanci da kuma waɗanda ke shigo mana daga Najeriya ta Jibiya da Ɗan Isa. Sodiyam wani sinadari ne da ke cikin gishiri, kuma shi ne ke tayar da hawan jini idan ya yi yawa. A gishirin girki, kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa sodiyam ne. Saboda haka in kwali ya ba ka adadin sodiyam, sai ka ninka shi sau biyu da rabi, ka sami adadin gishirin da ya yi daidai da shi:

```
gishiri (g) = sodium (g) x 2.5
```

In kuwa `Sel` ko `Salt` aka rubuta a jerin sinadarai na bayan kwalin, an riga an yi maka ninkin, kada ka sake. Nan ne mutane suka fi tuntuɓe. Wani ya ga sodiyam giram 22 ya ɗauka gishiri ke nan, sai ya ce ashe abin ba shi da yawa, alhali giram 55 ne.

Ƴar takardar da aka naɗe dunƙule guda da ita ba ta cika ɗaukar waɗannan lambobi ba, kuma yawancinmu ɗai-ɗai muke saye wurin mai tebur. Sai ka roƙi mai shago ya nuna maka babban kwalin ko ledar da ya zazzage. A jikinta za ka ga nauyin kowane dunƙule, irin `60 x 10 g` ga babba mai faɗi, ko `100 x 4 g` ga ƙaramin nan mai kusurwa huɗu. Nauyin yana da muhimmanci, domin "magi ɗaya" ba awo ba ne: babba ɗaya ya kai ƙanana biyu da rabi.

A ce kwalin ya nuna sodiyam giram 22 a kowane giram 100, wanda ba baƙon adadi ba ne a irin waɗannan kaya. Ninki biyu da rabi ya ba da giram 55 na gishiri. Ke nan babban dunƙule mai giram 10 yana ɗauke da giram 5.5, ƙarami mai giram 4 kuma giram 2.2. Cokalin shayi na gishiri mai laushi, a shafe ba tare da tsororo ba, yana tsakanin giram 5 da 6. To ga abin riƙewa a ka: babban dunƙule ɗaya kamar cokalin shayi ɗaya ne na gishiri, ƙanana biyar kuma kamar cokali biyu. Kamfani da kamfani suna ɗan bambanta, amma da wuya lissafin ya kauce wa nan da nisa.

Mu koma tukunyar gwaggo. Mutum goma ke cin tuwon dare a gidan. Ta gaya mini cewa a da, lokacin da daudawa da gishiri kaɗai ake sa wa miya, cokali huɗu ke isar wannan tukunya. Mu ɗauki cokali a giram 5, giram 20 ke nan. Da dunƙule ya shigo, ba ta rage ko ƙwaya daga cokali huɗun ba, sai ta ɗora manya biyu da ƙanana biyu a kai. Manyan sun kawo giram 11, ƙananan giram 4.4, jimla ta haura giram 35. A raba wa mutum goma, kowa ya tashi da giram uku da rabi a kwano ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ƙasa da giram 5 ta ce babban mutum ya ci a yini guda cur, har da na ƙosan safe da na shinkafar rana. Ran nan da ta ajiye gishiri ta zuba manya huɗu, giram 22 ta sa, wato ta ɗara ma cokali huɗunta na da. Ta rage a kan giram 35, gaskiya ne, amma ita a ranta miya marar gishiri take ci.

Lissafin da ya kamata a yi na ragi ne. A fara da adadin gishirin da tukunyar ke buƙata, a cire abin da dunƙule ya kawo, saura shi za a ɗiba da cokali. Giram 20 a cire 11 na manya biyu, saura 9, wato cokali biyu da ɗan gibi. Mai hawan jini kuma daga giram 20 ɗin zai fara ragewa, gwargwadon abin da likita ya ce masa.

Wani abu da nake ganin ya fi kowanne yaudara shi ne harshe. Ba duk sodiyam ɗin dunƙule ne ke zuwa daga gishiri ba. Akwai sinadarin ƙara ɗanɗano, irin farin magi da ake sayarwa a ƴan ƙulli, wanda a kwali ake rubuta shi `glutamate`. Kusan kashi 12 cikin 100 nasa sodiyam ne, amma ba ya zartsi a baki kamar gishiri. Haka kanwar da ake jefa wa miyar kuɓewa ko wake, ita ma sodiyam ce ke cikinta. Sai a ɗanɗana a ji miya daidai, alhali sodiyam ya wuce abin da baki ya shaida. Shi ya sa na fi yarda da layin `Sodium` a kan ɗanɗanon ludayi.

A kula kuma da abin da lambar take nufi. Wasu kwalaye suna da layi biyu, ɗaya na giram 100 na dunƙulen kansa, ɗaya na romon da aka narkar da shi a ruwa. Na biyun ƙarami ne ƙwarai, ƙasa da giram ɗaya, don ruwa ya tsarma shi. Duk wanda ya ga lissafinsa ya nuna babban dunƙule bai kai giram 2 na gishiri ba, to ya koma ya duba, layin romo ya karanta.

Cokalin ma sai an sa masa ido. Gishiri mai manyan ƙwayoyi ba ya cika cokali kamar mai laushi, akwai iska a tsakani, don haka ya fi sauƙin nauyi. Cokali mai tsororo kuwa yana iya kusan ninka shafaffe. Gwaggo ma ba da cokali take aunawa kullum ba, wani lokaci tafin hannu ne. Na sa ta ɗibi gishirin yadda ta saba, muka juye a faranti muka auna da cokalin shayi: abin da take kira "ɗan kaɗan" ya cika biyu da rabi. Ta yi shiru tana kallon farantin, sannan ta ce in miƙo mata daudawa, gobe dunƙule ɗaya za ta sa ta gani ko yara za su lura.